Yadda ake yanke kuɗin ɗawainiya na kowace awa tun farkon shekara: jagora ga masu injin casar shinkafa

Tun da na yi bayanin fitar da kuɗin buhun shinkafa, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu ƙananan injinan casa a Argungu, Jega da Kamba, da kuma ɗalibai masu karatun akanta. Kuɗin shanshera kowa ya san shi, ladan lebura ma a fili yake. To dizal, haya, albashin maigadi da gyaran inji fa, nawa ne rabon kowane buhu a ciki? Kuma me ya sa akantoci ke aiki da ƙiyasi duk shekara alhali ga rasit na gaskiya a hannu?

Waɗannan kuɗaɗen da ba za ka iya nuna buhu ɗaya ka ce shi ya ci su ba, su akantoci ke kira obahed. Ni a nan zan riƙa ce musu kuɗin ɗawainiya. Zan yi aiki da misalin inji guda mai fitar da buhu 10 na kilo 50 a awa ɗaya. Alƙaluman duk na misali ne don a ga hanyar lissafin, kai sai ka zuba naka.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin kashe-kuɗi na bara da rasit ɗinsa, littafin da ake rubuta lokacin kunna inji da kashe shi, da kalkuleta ko waya mai Excel. In littattafanka a kammale suke, yini ɗaya ya isa. In kuwa rasit na cikin leda a ƙarƙashin teburi, ka ware mako.

Mataki na 1: Ware abin da yake ɗawainiya

Ɗauki littafin bara ka raba kowane kashi gida uku. Gida na farko shi ne abin da ke bin buhu kai tsaye: shanshera, buhun zuba, da ladan leburori masu karɓa bisa yawan buhu. Gida na biyu shi ne abin da ake kashewa don injin ya yi aiki amma bai bin buhu ɗaya: dizal da kuɗin wuta, hayar fili da sito, albashin makaniki da maigadi, roba da rariya da bel, man juye, da tsufan inji. Gida na uku shi ne kuɗin sayarwa da na ofis, kamar motar da ta kai kaya Sakkwato, la'adar dillali, ko kuɗin ruwan bashin banki.

Gida na biyu kaɗai muke nema.

Hattara: kuskuren da na fi gani shi ne zuba gida na uku cikin na biyu. Kuɗin motar kai kaya ga mai saye ba kuɗin casa ba ne, na sayarwa ne, ana cire shi daga riba kai tsaye. In ka cusa shi a nan, shinkafar da ke jibge a sito za ta ɗauki nauyin tafiyar da ba ta yi ba. Haka kuɗin cefanen gida da na makarantar yara, ba su da gurbi a wannan lissafi ko da daga aljihun injin suka fita.

Mataki na 2: Ƙiyasta ɗawainiyar shekara mai zuwa

Ana yin wannan kafin shekarar ta fara. Bara ce mafari, amma ba kwafe ta za ka yi ba. Ka tambayi mai fili ko zai ƙara haya, ka duba farashin dizal na yau, ka zauna da makaniki ya gaya maka abin da ya kusa mutuwa a jikin injin. Ga abin da injinmu ya fitar:

- Dizal da wuta: naira 14,400,000
- Albashin makaniki, maigadi da mai kula da sito: 4,800,000
- Hayar fili da sito: 2,400,000
- Gyara da kayan gyara: 3,600,000
- Tsufan inji: 3,000,000
- Ruwa, inshora da ƙananan kuɗaɗe: 1,800,000

Jimilla naira 30,000,000.

Tsufan inji shi ne layin da masu inji suka fi jayayya da ni a kai. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, injin nan na riga na biya kuɗinsa, don me zan sake lissafa shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ka biya, amma kullum cinye shi ake yi. Ranar da ya kwanta, daga ina na sabo zai fito?" Lissafin mai sauƙi ne. Injin casa, na cire tsakuwa da janareta sun tashi naira 30,000,000, ana sa ran su yi shekara 10, to kowace shekara ta ɗauki 3,000,000. Babu rasit da zai zo maka da wannan kuɗi, shi ya sa ake mantawa da shi.

Tun yanzu ka lura da wani abu da za mu buƙata a gaba. Dizal da wuta na bin aikin inji, in an yi awa da yawa su ƙaru, in an rage su ragu. Sauran 15,600,000 kuwa kusan a tsaye suke, ko inji ya juya ko bai juya ba. Gyara yana ɗan bin aiki, amma a nan na bar shi cikin tsayayyu don lissafi ya yi sauƙi.

Mataki na 3: Zaɓi ma'aunin rabo

Dole a sami abin da za a raba ɗawainiyar a kansa. Ana iya amfani da yawan buhu, ko awannin leburori, ko awannin aikin inji. Ƙa'idar ita ce ka zaɓi abin da in ya ƙaru, ɗawainiya ma ta ƙaru.

A wurin casa, inji ne ke shan dizal, shi ke cinye roba, shi ke tsufa, don haka awannin inji suka fi dacewa. Raba wa bisa buhu yana da sauƙi, kuma in shinkafarka iri ɗaya ce duk shekara ba laifi. Matsalar tana zuwa ne in wata shanshera tsaf take ta bushe da kyau, wata kuma cike da tsakuwa da ɗanshi, sai an mayar da ita inji sau biyu. Buhu 200 na farko su fita a awa 20, na biyu su ci awa 32. In ka raba bisa buhu, ka ɗora musu kuɗi ɗaya, mai tsabta ta biya wa mai datti ke nan. Wurin ɗinki ko kafinta, inda hannu ne ke yawan aikin, awannin ma'aikata sun fi.

Hattara: agogon awa da ke jikin janareta ba lallai ya zama awannin casa ba. Sau da yawa janareta na kunne don fitila da famfon ruwa alhali injin na tsaye, kuma ranar da aka kawo wuta injin na aiki janareta na kashe. A ajiye littafi a gefen injin, mai tuƙa shi ya rubuta lokacin kunnawa da na kashewa da sunan aikin.

Mataki na 4: Ƙiyasta awannin shekara

A nan mutane ke yaudarar kansu. Kada ka ce awa 10 sau kwana 300. Shinkafar Kebbi da lokaci take zuwa: ta damina ta shigo daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ta rani ta zo wajen Afrilu da Mayu, tsakiyar damina kuwa shanshera ta yi wuya ta yi tsada. Duba shekara biyu ko uku da suka wuce ka fitar da abin da aka saba yi:

- Wata 5 na ruguntsumin aiki, awa 260 kowanne: 1,300
- Wata 4 matsakaita, awa 130 kowanne: 520
- Wata 3 na zaman jira, awa 60 kowanne: 180

Jimilla awa 2,000.

In ka cika buri ka rubuta awa 3,000, rabon kowace awa zai sauko zuwa naira 10,000, buhunka ya yi kama da mai araha, ka yi ta sayarwa kana murna, sai ƙarshen shekara ka ga ramin. Kuma in cikin shekarun da kake dubawa akwai irin 2020, da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa da yawa a Kebbi, kada ka ɗauke ta kaɗai a matsayin ma'auni. Shekarar da aka saba gani ake nema, ba mafi kyau ba, ba mafi muni ba.

Mataki na 5: Raba

Ɗawainiyar da aka ƙiyasta, a raba ta da awannin da aka ƙiyasta. Naira 30,000,000 a raba gida 2,000, ya ba da naira 15,000 a kowace awa ta aikin inji. In jimillar kuɗin na B8, awannin na B10, abin da za ka rubuta a Excel shi ne:

```
=B8/B10
```

Wannan 15,000 ita ce ƙimar shekara. Rubuta ta a bangon littafi da kwanan wata. Kuɗin da awannin duk ƙiyasi ne, kada ka haɗa kuɗin bara na gaskiya da awannin bana na ƙiyasi.

Mataki na 6: Ɗora wa kowane aiki rabonsa

Kowane aiki ya sami katinsa. A ce wani ɗan kasuwa ya yi odar buhu 200. An casa shanshera buhu 160 mai kilo 100, kowanne a naira 45,000, ya kama 7,200,000. Buhunan zuba 80,000, leburori 120,000. Littafin gefen inji ya nuna awa 20, sai a ninka da 15,000, ɗawainiya ta zama 300,000. Jimilla 7,700,000, kowane buhu ya tashi naira 38,500, a ciki 1,500 ɗawainiya ce. Da waccan mai tsakuwa ce da ta ci awa 32, ɗawainiyarta 480,000 ce, wato 2,400 a buhu. Wannan bambanci na naira 900 shi za ka riƙe a ranka lokacin da kake taya shanshera mai datti a kasuwa.

Na bar kuɗin dusa da ɓuntu da ake sayarwa a gefe, wannan magana ce ta daban.

Hattara, musamman ɗalibai: ƙimar ana ninka ta ne da awannin da aka yi da gaske, ba da awannin ƙiyasi ba. In ka ninka 15,000 da 2,000, komawa ka yi kan 30,000,000 da ka fara da ita, ba ka auna komai ba. Kuma da zarar ka ɗora 300,000 a katin aiki, kada ka sake zuba kuɗin dizal ɗin da aka sha a ranar cikin katin, ka lissafa shi sau biyu ke nan. Rasit na gaskiya yana da nasa shafi, inda ake tara ɗawainiya wata bayan wata.

Me ya sa ba a jira kuɗin gaskiya?

Bari mu gwada mu gani. A ce mai injin ya ƙi ƙiyasi, ya ce duk ƙarshen wata zai tara abin da ya kashe ya raba da awannin watan.

A Disamba, albashi, haya, tsufan inji da ƙananan kuɗaɗe sun kama 1,000,000. Dizal na awa 260 ya ci 1,872,000, ƙananan gyare-gyare 248,000. Jimilla 3,120,000, a raba da 260, kowace awa 12,000, kowane buhu 1,200.

A Agusta, waccan 1,000,000 tana nan daram, domin maigadi bai daina cin abinci ba, mai fili ma bai yafe haya ba. Dizal na awa 60 ya ci 432,000. Kuma da yake aiki ya yi sauƙi, a watan ne aka kwance injin aka yi masa babban gyara na 968,000. Jimilla 2,400,000, a raba da 60, kowace awa 40,000, kowane buhu 4,000.

Inji ɗaya, ma'aikata ɗaya, shinkafa iri ɗaya, amma buhun Agusta ya ninka na Disamba fiye da sau uku a ɗawainiya. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, tsayayyen kuɗi ya faɗa kan awanni kaɗan: ko an cire gyaran, awar Agusta ta kusa 24,000. Na biyu, gyaran ya sauka a wata ɗaya, alhali aikin Disamba da na Mayu ne suka cinye injin, kuma kakar da ke tafe ce za ta mori gyaran. Babu adalci a ce buhu 600 na Agusta su ɗauki wannan kaya su kaɗai.

Haɗarin kuwa a farashi yake. Mai bin lissafin wata-wata zai tsuga kuɗin casa a Agusta, ya kori 'yan kwastomomin da suka rage masa, awanni su ƙara raguwa, rabon awa ya ƙara hawa. A Disamba kuma zai karya farashi yana ganin yana cin riba, bai san bai tara wa gyaran Agusta komai ba.

Dalili na uku shi ne lokaci. Takardar kuɗin wuta sai wata ya ƙare take zuwa, makaniki wani lokaci sai bayan mako uku yake kawo lissafinsa, haya da inshora sau ɗaya ake biya a shekara. Cikakken adadin gaskiya ba ya samuwa sai an rufe littafi. Shi kuwa mai odar buhu 200 yana tsaye a bakin ƙofa a watan Fabrairu yana son farashi yau, ba za ka ce masa ya dawo Janairu mai zuwa ba. Shanshera da leburori ana rubuta su da kuɗinsu na gaskiya saboda ana saninsu nan take. Ɗawainiya ce kaɗai ba a sani sai daga baya, shi ya sa ita kaɗai ake yi wa ƙima.

Mataki na 7: Duba tsakanin shafi biyu duk wata, amma kada ka firgita

Ƙarshen kowane wata, kwatanta abin da aka ɗora wa ayyuka da abin da aka kashe. A Disamba an ɗora 3,900,000, an kashe 3,120,000, rarar 780,000. A Agusta an ɗora 900,000, an kashe 2,400,000, giɓin 1,500,000. Wannan ba alamar kuskure ba ce, haka aka tsara: rarar watannin aiki ce ke cike giɓin watannin zama. Abin dubawa shi ne jimillar da ke taruwa daga farkon shekara.

Alamar matsala ita ce ka ga giɓi a watan da injin ya yi aiki ba hutawa. In Mayu ta ƙare da giɓi, to ƙimar ta yi ƙasa. Irin haka ya faru ga masu injina da yawa a 2022 da dizal ya yi tashin gwauron zabi, da kuma bayan Yunin 2023 da darajar naira ta faɗi, kayan gyara na waje suka yi tsada. A irin wannan hali ra'ayina a sake ƙimar sau ɗaya a tsakiyar shekara, da sabon ƙiyasin watannin da suka rage, a rubuta ranar da sabuwar ta fara aiki. Wanda ke sake ta duk wata kuwa ya koma gidan jiya.

Mataki na 8: Rufe shekara

Shekara ta ƙare. An kashe naira 32,000,000 a ɗawainiya, injin ya yi awa 1,900. Abin da aka ɗora wa ayyuka shi ne 1,900 sau 15,000, wato 28,500,000. Giɓi ya zama 3,500,000. Ma'anarsa kuɗin buhunan da aka rubuta duk shekara ya gaza na gaskiya, ribar da ke littafi ta fi ta aljihu.

Kafin ka share shi, tsaga shi biyu ka ga inda ya fito. Cikin 15,000 ta kowace awa, 7,200 ta dizal ce, 7,800 ta tsayayyen kuɗi. An rasa awa 100 daga abin da aka sa rai, kowace da 7,800 da ba a samu inda za a ɗora ba, ya kama 780,000. Wannan giɓin ƙarancin aiki ne, maganinsa neman shanshera ko karɓar casar wasu a lokacin zama. Sauran 2,720,000 kashewa aka yi fiye da yadda ya kamata a awa 1,900. A nan sai a bi layi-layi: farashin lita ne ya hau, ko yawan litar da ake sha a awa ne ya ƙaru? In farashi ne, kasuwa ce. In yawan lita ne, ko janareta na neman gyara, ko jarka na fita ta bayan gida.

Hattara: kada ka kwatanta 32,000,000 da 30,000,000 ka ce giɓinka 2,000,000 ne. Da abin da aka ɗora ake kwatantawa, ba da ƙiyasin farko ba.

Share giɓin hanya biyu ce. In ƙarami ne, ko kusan duk kayan an sayar, a zuba shi gaba ɗaya cikin kuɗin kayan da aka sayar, riba ta ragu da wannan adadi. In rara ce, a cire ta daga can, riba ta ƙaru. In kuwa giɓin babba ne kuma akwai kaya a sito, a raba shi gwargwadon ɗawainiyar da ke jikin kowane rukuni. A ce kashi 80 cikin ɗari na jikin wadda aka sayar, 15 na jikin casasshiya da ke sito, 5 na jikin wadda ba a gama ba. A jarrabawa galibi duka 3,500,000 ake rabawa haka, ya ba da 2,800,000 da 525,000 da 175,000.

Wanda littafinsa zai je gaban odita kuwa ya kula da ƙa'idar IAS 2 ta ƙimar kayan sito. Ta ce a raba tsayayyar ɗawainiya bisa aikin da aka saba yi, abin da ya rage saboda ƙarancin aiki kuma a ɗauke shi a matsayin kashin wannan shekarar, kada a ɓoye shi cikin kayan sito. Ke nan 780,000 ta tafi kai tsaye ta rage ribar bana, 2,720,000 ce za a raba, muddin tsadar kasuwa ce ta jawo ta ba ɓarna ba: 2,176,000 ga wadda aka sayar, 408,000 ga ta sito, 136,000 ga wadda ba a gama ba.

Abu na ƙarshe ga mai turara shanshera da kansa kafin casa. Ƙima ɗaya ba za ta ishe ka ba, domin itace, ruwa da shanya ba sa bin awannin injin casa. Yi wa ɓangaren turara nasa lissafi bisa buhun shanshera da ya shiga tukunya, ka bar 15,000 ga ɓangaren casa. In ba haka ba, matar da ta kawo guminta daga gida don a casa mata kawai za ta biya kuɗin itacen da ba a ƙona mata ba.